Iska a bayan huhu: abin da hoton ƙirji ke nunawa, da lokacin da ba a jiran hoto

Akwai wani irin hoton ƙirji da malaman koyar da likitoci kan ɗaga wa ɗalibansu su ce, wannan bai kamata a ce an ɗauke shi ba. Hoton kuwa ya fito tas, babu abin da ya same shi. Ɓangare ɗaya na ƙirjin baƙi ƙirin, huhun ya takure can kusa da zuciya, ita kuma zuciyar an ture ta gefe. Laifin da ake gani shi ne mintocin da aka ɓata wajen tura mara lafiya ɗakin hoto, a jira wuta, a jira fim ya fito, alhali a irin wannan hali mintoci kaɗan ke tsakanin mutum da tsayawar zuciyarsa. Cutar ita ce taruwar iska tsakanin huhu da bangon ƙirji, wadda likitoci ke kira numotoraks. Iri biyu ce. Akwai mai sauƙi, wadda sau da yawa sai a hoto ake gane ta, akwai kuma mai matsi, wadda a jikin mutum ake gane ta.

Kafin a fahimci hoton, sai an san abin da ke riƙe huhu a buɗe. Huhu ba a ɗinke yake da haƙarƙari ba. Akwai tantani siriri da ya lulluɓe shi, akwai wani da ya shimfiɗu a cikin bangon ƙirji, tsakaninsu kuma babu komai sai ɗan ruwa mai santsi. Ɗabi'ar huhu ita ce ya tsuke, ɗabi'ar haƙarƙari kuma su buɗe, saboda haka kullum akwai ja-in-ja a tsakaninsu. Wannan ya sa matsin da ke tsakanin tantanin biyu ya yi ƙasa da na iskar waje, kuma muddin wurin a rufe yake, duk inda bangon ƙirji ya je dole huhu ya bi shi. Da zarar an sami ƙofa, ko daga waje ta hanyar sukar wuƙa, ko daga ciki idan huhun ya huje, iska za ta kutsa wurin, huhu ya saki bango ya koma ciki.

Wani likitan Faransa, Itard, shi ya raɗa wa cutar suna a 1803, Laennec kuma ya bayyana alamominta a littafinsa na 1819, tun kafin Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1940, da gangan likitoci suke ɗura wa masu tarin fuka iska a wannan wuri don huhun da ya kamu ya sace ya huta. Forlanini ɗan Italiya ne ya kawo shawarar a 1882. Mutane sun yi ta yawo watanni da shekaru da huhu ɗaya a sace. Wato sacewar huhu ita kaɗai, ga wanda ɗayan huhunsa lafiya lau, ba ita ce ke kisa ba.

Yadda ake karanta fim ɗin

A hoton ƙirji iska baƙa ce, ƙashi fari, tsoka da ruwa da jini kuma fari-fari. Ana ɗaga fim ne tamkar mutum yana fuskantarka, don haka damansa tana hagunka, kuma akwai harafin R ko L a gefe don kada a rikice. Lafiyayyen huhu ba ya fitowa baƙi ƙirin duk da yana cike da iska. Idan ka duba da kyau za ka ga rassa farare suna tasowa daga tsakiya kusa da zuciya, suna rarrabuwa suna ƙara sirancewa har kusa da haƙarƙari. Jijiyoyin jinin huhu ke nan. Duk inda ka gan su, akwai huhu a wurin.

Alama ta farko ta taruwar iska ita ce wani farin layi siriri ƙwarai, mai kaifi, wanda ya bi lanƙwasar bangon ƙirji amma ya ɗan ja baya daga gare shi. Wannan layin shi ne gefen huhun da ya saki bango, tantaninsa ne ya fito saboda yanzu akwai iska a cikinsa da wajensa. Alama ta biyu ita ce abin da ke bayan layin: baƙi wuluk, babu reshen jijiya ko ɗaya. Sai an haɗa biyun ake yanke hukunci. Layi kaɗai yana iya yaudara, baƙi kaɗai ma haka.

Iska sama take nema. Idan an ɗauki hoton mutum yana tsaye, wurin da ake fara dubawa shi ne ƙololuwar huhu, wajen gindin wuya, inda haƙarƙari na farko da na biyu suka haɗu da ƙashin da ya gitta zuwa kafaɗa. Wuri ne mai cunkoson layuka, kuma a nan ƙaramar iska ke ɓoyewa. Likitan da ya san aikinsa yakan bi gefen kowane haƙarƙari da ido, ya ga ko akwai layin da ba na ƙashi ba. Wasu sukan kwantar da fim ɗin a gefe su sake kallo, domin ido ya fi saurin kama layin a haka.

Mu ɗauki misali. Saurayi ne ɗan shekara 22, dogo siriri, mai shan taba. Yana zaune a shago sai ya ji suka a ƙirjinsa na dama, mai ƙaruwa idan ya ja numfashi. Ya yi zaton sanyi ne ya kama shi, ya sha maganin ciwon jiki, sai washegari ya je asibiti da ƙafarsa. Yana magana ba tare da yankewa ba. Bugun zuciyarsa 92 a minti, numfashinsa 20, oksijin ɗin jininsa kashi 96 cikin ɗari, awon jininsa 120 bisa 75. Da likita ya saurari ƙirjin, shigar iska a dama ta yi ƙasa da ta hagu. A hoto, ga farin layin nan a dama, tazararsa da bangon ƙirji santimita 2 idan aka auna daidai tsayin gindin huhu, inda manyan jijiyoyi ke shiga. Bututun iska na maƙogwaro yana nan a tsakiya, zuciya na wurinta, tsokar da ta raba ƙirji da ciki ta yi dorawarta yadda ta saba.

Santimita 2 ba ta da yawa a ido, amma hoto shimfiɗaɗɗe ne, huhu kuwa yana da tsawo da faɗi da kauri, kuma ta kowane gefe yake raguwa. Akwai lissafin da ake yi don kimantawa. A ce faɗin rabin ƙirjin santimita 10 ne, huhun ya koma santimita 8. Idan aka ninka 10 sau uku a kanta za a sami 1000, idan aka ninka 8 haka za a sami 512. Ke nan kusan rabin wurin iska ce ta cinye. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta 2010 ta ɗauki santimita 2 a matsayin iyaka tsakanin ƙarama da babba. Amurkawa kuma daga ƙololuwa suke aunawa, iyakarsu santimita 3. Hoto ɗaya yana iya zama babba a wannan ma'auni, ƙarami a wancan, wanda ya isa ya nuna cewa ba awon ne komai ba.

Me ya same shi? A ƙololuwar huhun irin waɗannan samari akan sami 'yan ƙananan ƙuraje masu iska a ƙarƙashin tantani, ɗaya ya fashe ba tare da wani dalili na fili ba. Taba tana da hannu sosai: wani bincike da aka yi a Suwidin a 1987 ya nuna tana ninka haɗarin kusan sau 20 ga maza. Hujin yakan toshe da kansa da zarar huhun ya tsuke, sai iskar ta tsaya a inda ta kai. Daga nan jiki ya shiga tsotse ta a hankali, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na girman rabin ƙirji a kowace rana, saboda haka irin tasa tana iya ɗaukar makonni kafin ta ƙare. Likita na iya zuƙe iskar da allura da sirinji, ko ya sa ƙaramin bututu, ko ya sa ido kawai. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya da Niyu Zilan kan mutum 316, aka buga a 2020, ya nuna cewa mafi yawan matasan da ba su da wata cutar huhu kuma ba su cikin wahala sun warke ba tare da an huda su ba. Sabuwar ƙa'idar Birtaniya ta 2023 ma ta fi ba halin mara lafiya muhimmanci a kan girman iskar. Sai dai a nan ina da ja: barin mutum ya koma gida yana da sharaɗin ya iya dawowa asibiti cikin gaggawa, kuma a sake masa hoto bayan 'yan kwanaki. Wanda ƙauyensu ke da nisan awa uku a kan hanya mara kyau, ba hukuncinsu ɗaya da mazaunin birni ba.

Abubuwan da ke yaudarar ido

Ba kowane layi ne gefen huhu ba. Gefen allon kafaɗa yakan faɗo a kan huhu idan mutum bai turo kafaɗunsa gaba ba lokacin ɗauka, amma idan ka bi shi za ka ga ya haɗe da sauran ƙashin. Ninkin fata, musamman ga tsofaffi da ramammu da aka tura wa faranti a ƙarƙashin baya, yakan ba da layi mai kama da shi. Bambancin shi ne ninkin fata ba siririn layi ba ne, inuwa ce mai ƙara haske a hankali har ta yanke, wani lokaci ta zarce wajen haƙarƙari, kuma ana ganin rassan jijiyoyi a bayanta. Kitson da ya sauko kan kafaɗa, ninkin riga, igiyar laya, robar oksijin, duk suna iya barin alama. Idan mai ɗaukar hoto ya ce a tuɓe, a ɗaure gashi sama, a cire abin wuya, ba neman fitina yake yi ba.

Wanda ya fi haɗari shi ne babban ƙululun iska a cikin huhun kansa, irin wanda ake samu ga tsofaffin mashaya taba da waɗanda tarin fuka ya taɓa cinye musu huhu. Shi ma baƙi ne babu jijiyoyi. Abin lura shi ne lanƙwasar layin. Gefen huhun da ya sace yana bin siffar bangon ƙirji, doronsa na kallon waje, shi kuwa bangon ƙululu yakan lotsa ya shiga cikin huhu. Idan aka yi kuskure aka cusa bututu a cikin ƙululu, an haifar da cutar da ake gudu, kuma hujin na iya daɗewa yana yoyo. Inda ake shakka kuma mutum yana cikin natsuwa, hoton siti sikan ne ke raba gardama.

Akwai kuma yaudara ta ɗaya gefen, wato iska tana nan amma hoto bai nuna ta ba. Wanda aka kawo daga haɗarin mota sau da yawa a kwance ake ɗaukarsa. Ga mai kwanciya rigingine, saman ƙirji shi ne gabansa, can ƙasa kusa da ciki, ba gindin wuya ba. Iskar sai ta taru a gaban huhu, hasken ya ratsa ta ya ratsa huhun da ke bayanta, layin ya ƙi fitowa. Abin da akan gani shi ne kusurwar ƙasa, inda haƙarƙari suka haɗu da tsokar da ta raba ƙirji da ciki, ta yi zurfi ta yi baƙi fiye da ta ɗaya gefen, ko kuma gefen zuciya ya fito da kaifi fiye da kima. Hoton kwance da ya fito lafiya bai wanke mutum ba. A nan na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ta fi hoto gani. Ana ɗora ta tsakanin haƙarƙari biyu, idan an ga tantanin huhu yana zamewa gaba da baya tare da numfashi, to babu iska a wannan wurin.

Idan kuma aka ga farin abu a ƙasan ƙirji wanda samansa ya miƙe sar a kwance, da baƙi a bisansa, to iska da ruwa ne suka haɗu: jini bayan rauni, ko mugunya idan tarin fuka ko ciwon huhu ne ya huda tantanin. Ruwa shi kaɗai ba ya miƙewa haka, gefensa yakan hau bango ya lanƙwasa.

Lokacin da iska ta zama matsi

Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san bawul: iska na shiga, ba ta fita. Wani lokaci hujin huhu ko na bangon ƙirji yakan zama haka. Idan mutum ya ja numfashi sai ya buɗe, idan ya fitar sai leɓen naman ya rufe shi. Kowane numfashi da kowane tari na ƙara iska a wurin da ba ta da mafita. A mai sauƙi, iskar tana tsayawa da zarar matsinta ya kusa daidai da na waje. A mai matsi kuwa yana zarce na waje yana ci gaba da hawa.

Ga misali na biyu. Ɗan acaɓa ne ɗan shekara 35, mota ta buge shi, haƙarƙarinsa uku na hagu suka karye, bakin ɗaya ya soki huhu. Da aka kawo shi yana magana, yana kukan ciwo a gefe, aka yi hoto a kwance ba a ga komai ba sai karayar. Bayan rabin awa 'yan uwansa suka ga ya ƙi kwanciya, yana fizge-fizge, gumi na karyo masa. Numfashinsa ya kai 36 a minti, ba ya iya haɗa kalma uku. Bugun zuciya 135, oksijin ya sauka zuwa 82 duk da an sa masa roba a hanci. Ƙirjin hagu ya kumbura ya tsaya cak, na dama ne kaɗai ke motsi. Likita ya saurara, babu shigar iska a hagu, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji amo na wurin da babu komai sai iska. Fatar gefen ƙirjin tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa saboda iskar da ta shiga cikin nama. Awon jini da ya kasance 125 bisa 80 ya koma 85 bisa 50.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne iskar ta gama matse huhun hagu, ta koma tura duk abin da ke tsakiyar ƙirji zuwa dama. Huhun dama, wanda shi kaɗai ya rage, ya fara matsuwa, oksijin ya ragu. Manyan jijiyoyi biyu da ke dawo da jini zuwa zuciya bangonsu siriri ne, jinin cikinsu ba shi da ƙarfin turi, don haka da matsin ƙirji ya hau sai su lotse. Zuciya na bugawa da sauri amma abin da za ta tura ya ragu. Idan ba a buɗe wa iskar hanya ba, zuciyar za ta tsaya.

Da za a ɗauki hotonsa a wannan lokaci, ga abin da zai bambanta shi da na saurayin nan. Bututun iska na maƙogwaro, wanda ke fitowa kamar baƙar hanya a tsakiyar wuya, ya karkata ya bar gefen da ke da iskar. Zuciya ta bi shi. Tsokar da ta raba ƙirji da ciki, maimakon doronta ya kalli sama, ta baje ko ma ta lotsa ƙasa. Tazarar da ke tsakanin haƙarƙari ta buɗe fiye da ta ɗaya gefen. Duka alamomi ne na abu ɗaya, iska tana turi ta kowace fuska.

Amma a nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da wasu ma'aikatan lafiya. Girman iska da matsi ba abu ɗaya ba ne. Huhu na iya sacewa ƙurmus ya zama ɗan dunƙule kusa da zuciya, har tsakiyar ƙirjin ta ɗan karkata, mutum kuma yana zaune yana hira, jininsa daidai. Wannan babba ce, tana bukatar kulawa, amma ba ta kai matsi ba. Haka kuma wanda tsohon tarin fuka ya manne masa huhu da bango a wasu wurare, huhunsa ba zai iya sacewa duka ba, sai iskar ta taru a lungu guda ta yi matsi mai tsanani alhali hoton bai yi muni a ido ba. Wanda huhunsa biyu dama sun lalace, ƙaramar iska ma na iya kai shi ƙasa. Ko karkatar bututun iska sai an bi ta da hankali, domin idan mutum ya ɗan juya jikinsa lokacin ɗauka, komai zai yi kamar ya karkata. Ana tantance wannan ta duba ko bakin ƙasusuwan gindin wuya biyu suna da tazara ɗaya daga ƙashin baya. Hoto yana faɗin inda iska take da kimanin yawanta a daƙiƙar da aka ɗauke shi. Ko tana kashe mutum, sai a numfashinsa, bugun zuciyarsa da awon jininsa.

Alamomin da littattafai suka fi ambata, wato karkatar maƙogwaro da ake ji da yatsa da kumburin jijiyoyin wuya, a makare suke zuwa, wani lokaci ma ba sa zuwa. Wanda ya zubar da jini da yawa jijiyoyin wuyansa ba za su kumbura ba. Ga mai numfashi da kansa, abin da ke fara bayyana shi ne haki mai ƙaruwa da saukar oksijin, faɗuwar awon jini kuwa alama ce ta cewa an kusa makara. Ga wanda ke kan na'urar taimaka wa numfashi, ko wanda ake matsa masa jakar iska da hannu, abin ya fi sauri, domin ana tura iskar ne da ƙarfi ta cikin hujin, kuma cikin mintoci jininsa ke faɗuwa.

Maganin gaggawa allura ce mai faɗin baki, irin babbar da ake sa ƙarin ruwa da ita. An daɗe ana koyar da a soka ta a gaban ƙirji, tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, daidai tsakiyar ƙashin gindin wuya. Da aka lura cewa ga masu kaurin ƙirji allura mai tsawon santimita 5 ba ta cika kaiwa ba, bugu na goma na littafin horon kula da masu rauni na ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka, na 2018, ya koma ba da shawarar gefen ƙirji ga manya, ƙasan hammata, wajen tazara ta huɗu ko ta biyar. Ko'ina ne, ta saman haƙarƙari ake bi, domin a ƙarƙashin kowanne akwai jijiyar jini. Idan an dace, akan ji iska ta fito da huci, bugun zuciya ya fara sauka. Allurar sayen lokaci ce kawai, tana iya lanƙwashewa ko ta toshe. Dole a biyo ta da bututun roba da ake sawa ta gefen ƙirji, a tsoma ɗaya bakinsa cikin ruwa a kwalba, iska ta riƙa fita tana kumfa ba ta iya komawa. Bayan wannan ne ake ɗaukar hoto, a ga inda bututun ya zauna da yadda huhun ya buɗe. Masu jinya su kiyaye: kwalbar nan a ƙasa take zama, ba a ɗaga ta sama da ƙirjin mara lafiya, kuma ba a ɗaure bututun da ke kumfa, domin ɗaure shi na iya dawo da matsin.

Wata sacewar ta dabam

Akwai wani abu da shi ma ake cewa huhu ya sace, amma hotonsa kishiyar wannan ne. Idan majina mai kauri, ko ƙari, ko gyaɗar da yaro ya shaƙa ta toshe babban bututun iska, iskar da ke cikin huhun takan tsotse, huhun ya motse ba tare da wata iska ta shiga bayansa ba. A hoto gefen fari yake fitowa, kuma yana jawo bututun maƙogwaro da zuciya zuwa gare shi, haƙarƙarin wajen su matsu, tsokar ƙasa ta hau. Tabon tsohon tarin fuka ma haka yake ja. Saboda haka idan aka ga maƙogwaro ya karkata, tambayar ita ce turo shi aka yi ko jawo shi. Baƙin gefe mara jijiyoyi da ya ture shi, iska ce mai matsi. Farin gefe da ya jawo shi, toshewa ce ko tabo. Farin gefe da ya ture shi, ruwa ne mai yawa. Kuskuren da ake tsoro shi ne a ga lafiyayyen huhun da ya buɗe don ya cike gurbi, ya yi baƙi idan aka kwatanta da farin, a ɗauka shi ne mai iska a huda shi. Abin da ke tsare mutum daga wannan shi ne neman rassan jijiyoyin nan har bakin haƙarƙari.

Wanda ya warke daga taruwar iska yana da sauran aiki. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ta zo musu haka kawai takan dawo musu, galibi a shekarar farko, kuma barin taba shi ne babban abin da ke hannunsu. Jirgin sama ma abin lura ne, musamman ga maniyyata Hajji da Umara. Matsin iska a cikin jirgi yana daidai da na tudu mai tsayin kusan mita 2,400, kuma iskar da ta maƙale a ƙirji tana kumbura da kusan rubu'i zuwa sulusi. Ba a hawa jirgi sai hoto ya tabbatar huhu ya buɗe duka, sannan a ƙara aƙalla mako guda, mako biyu idan rauni ne ya jawo.

Ga wanda ya tsinci kansa a wurin haɗari ko faɗa: idan wuƙa ko ƙarfe na maƙale a ƙirji, kada a zare. Idan akwai rami da ke tsotsar iska, kada a liƙe shi ruf ta ko'ina, domin rufe mafita na iya mayar da mai sauƙi ta zama mai matsi. Idan an riga an rufe kuma numfashin ya ƙara tsananta, a ɗaga rufin. A bar shi ya zauna yadda ya fi samun numfashi idan ba a zargin karayar wuya ko baya, a garzaya asibiti mafi kusa. Idan kuma kana jinyar wanda ya bugu a ƙirji, ko mai tarin fuka, ko mai asma, ka ga hakinsa na ƙaruwa, gumi na zuba, gefe ɗaya na ƙirjin ya daina motsi, kada ka tsaya kan cewa an yi hoto ɗazu an ce lafiya. Ka kira ma'aikacin jinya ko likita nan take, ka faɗa masa cewa numfashin ya canza daga yadda yake.